Babin Haƙori a Takardar Awara

Shekarar da ɗana na fari ya ƙi yin haƙori, ita ce shekarar da ƙanwar mijina ta sake zama jarrabawar gama sakandare. Abubuwan nan biyu suka taru suka hana ni sukuni. Da ma ni mutum ce mai saka abu a rai. In yaro ya yi atishawa sau biyu, na riga na ɗauko mayafina. Mijina yana cewa da fargaba kayan sayarwa ce, da tuni na buɗe shago a Bata, bakin Kasuwar Sabon Gari.

A unguwar Kwaciri ta Kano muke zaune, gidan haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da muke rabawa da Alhaja, wata Bayerabiya da aka haifa a Fagge, mai sayar da leshi da atamfa a Kantin Kwari. Ƙanwar mijina, wadda duk gida ke kira Auta, ta dawo wurinmu saboda mun fi kusa da inda take zuwa lesin. Ta ci duk darussanta a karon farko, sai Bayoloji, darasin halittu, shi ya kayar da ita. Ita kuwa makarantar koyon aikin ungozoma take so, kuma ba sa duban takardar wanda ba shi da kiredit a Bayoloji.

Baba, surukina, mutumin Borno ne da ya tsufa a Kano, ba ya maimaita magana. Ya ce da ita a gabanmu, “Wannan ne na ƙarshe. In ya ƙi, ga shagon yayanki nan, yana neman mai zama.”

Shagon yayan nata, wato mijina, a Kasuwar Sabon Gari yake, kayan waya yake sayarwa: caja, batir, abin saka wa a kunne. Auta ta taɓa zama masa na sati guda, ta dawo tana cewa in aka bar ta a can za ta tsufa tana warware igiyar caja. Saboda haka kowa ya san abin da ke kan wannan jarrabawa.

Mijina mutum ne mai son ƙanwarsa, kuma son ne ya jawo abin da ya faru. Wata rana ya dawo daga kasuwa da littafin tsofaffin tambayoyi, wanda ake tara tambayoyin shekarun baya a ciki, an jera su babi-babi. Ya shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya ce Auta ta kawo babban littafinta na Bayoloji. Littafi ne mai kauri, gadon wata yayarsu, ɗinkinsa ya saki, bangon ma gam ne ke riƙe da shi. Ya zauna yana duba wannan yana duba wancan, yana saka alama da biro. Ni ina gefe ina tsane awara, don ita nake soyawa ina sayarwa daga gida.

Da ya gama sai ya gyara zama irin na mai shirin yi wa kwastoma bayani.

“Kin ga nan? Ƙoda. Kusan kowace shekara sai ta fito. Jini, haka. Yadda ganye ke haɗa abinci, haka. Waɗannan su ne kayan da ke tafiya. Yanzu dubi nan: fata, kunne, haƙori. Shekara da shekaru babu wanda ya tambaye su. Kwantai ne.”

“Yaya, littafi ne fa, ba shago ba.”

“Duk ɗaya ne. Kin tuna caja mai siririn baki? Kwali guda na ajiye ina jiran ranarta, har yau ranar ba ta zo ba. Abin da kasuwa ta daina tambaya, sauke shi ake yi daga kanta, a ba mai tafiya wuri. Kanki kanta ce, ba sito ba ne.”

Ya ce in miƙo masa reza. Na miƙa, Allah ya sani ban san me zai yi ba. Ya bi ɗinkin nan a hankali, ya zare babi-babi, kamar mai feɗe kifi. Littafin ya rame, Auta ta yi murmushi irin na wanda aka sauke wa kaya. Abin da ya zare kuwa ya tara ya miƙo mini.

“Ungo, uwar fargaba. Kin huta da sayen takardar naɗi.”

Haka kuwa aka yi. Ina saka takarda a cikin leda don ta shanye man awara, kuma da ma a kilo nake sayen tsofaffin takardu. Wannan takarda kuwa mai kyau ce, ba ta jiƙewa da wuri. Cikin ƴan kwanaki babin fata ya bi unguwa gida-gida, da yaji da kabeji a kansa. Na soma cin na kunne.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na leƙa aji ɗaya na gaba, shi ke nan. Turancin littafin nan ba na gane shi, amma ina gane lamba, ina kuma kallon hoto. Ina cikin yagar takarda wata safiya sai ga hoton baki a buɗe, haƙora a jere, sama da ƙasa, har da na jariri a gefe. Hannuna ya tsaya. Ɗana a lokacin yana rarrafe, yana kama bango yana miƙewa, amma bakinsa fayau, ko alamar fari babu. Inna, surukata, ta riga ta faɗa mini watan da kowane jikanta ya yi haƙori, ta ce nawa ma ba zai wuce haka ba. Ya wuce. Kullum sai na wanke yatsa na shafa dasashinsa. Na kai shi asibiti, ma'aikaciyar ta duba ta ce lafiyarsa lau, wasu yaran suna jinkiri, in koma gida. Na koma gida, amma fargabar ta biyo ni.

Na zauna da hoton nan a hannu ina tunani. Yanzu a ce mai son zama ungozoma, wadda irina za su riƙa kai wa yara suna tambaya, an ce da ita haƙori kwantai ne? Na ɗaga sauran takardun na saka a ƙarƙashin katifa.

Alhaja ce ta fara jin damuwata, tana wanke wa akuyarta kwano a bakin rariya. Ta saki kwanon ta riƙe ƙugu.

“Amarya, mijinki ɗan kasuwar jiya ne! Waya ya sani, bai san zani ba. Wallahi akwai atamfar da uwata ta ɗaura ranar sunana, bara ta dawo, mata suna kokawa a kanta. Abin da ya daɗe bai fito ba, shi ne a bakin ƙofa. Lokacinsa ya yi! A ajiye ƙodar nan, ta gaji. Kunne za a karanta. Ki rubuta ki ajiye, bana kunne zai fito.”

“Alhaja, me ya sa kunne?”

“Shi ya fi daɗewa, ba haka kika ce ba? To layi ya zo kansa.”

Da yamma ta tare mijina da wannan magana. Suka yi ta yi, shi yana caja, ita tana atamfa, har aka kira magariba. Ni kuwa fargabata ta zama biyu. Da ina tsoron abin da aka zare ne kawai, yanzu har abin da aka bari ina tsoro.

Ana haka sai ga wata Malama da ke bayan layinmu, mai koyar da kimiyya a wata makarantar ƴanmata. Takan aiko a saya mata awara, amma ran nan da kanta ta zo, riƙe da takarda mai maiƙo da yatsa biyu.

“Maman yaro, wa ya yanka wannan littafin?”

Na ba ta kujera, na ba ta labari tun daga reza. Ta yi dariya har da share ido. Mijina yana ɗaki, ranar bai fita da wuri ba, ya ji dariyar ya fito, Alhaja kuwa ba a gayyatarta, da kanta take zuwa. Malama ta ce a kawo mata littafin tsofaffin tambayoyin. Ta kuma tambayi Auta ina manhajarta, wato takardar da hukumar jarrabawa ta jera duk abin da ɗalibi zai karanta. Sai da aka daɗe ana nema, aka same ta a cikin jakar lesin, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

“Alhaji,” in ji Malama, ko da yake mijina bai je Makka ba, ya kuwa ji daɗin sunan, “masu fitar da tambaya ba wannan littafin naka suke buɗewa ba. Wannan suke buɗewa.” Ta ɗaga manhajar. “Duk abin da ke cikinta halal ɗinsu ne. Ga fata, ga kunne, ga haƙori, duk suna nan, ba a cire ba. Ranar da aka cire abu daga manhaja, ranar ya zama kwantai.”

“Amma Malama, shekaru nawa ba su fito ba.”

“To dubi yawan babin, ka dubi yawan tambayoyin tiyori, waɗanda ake rubuta dogon bayani. Ƴan kaɗan ne a shekara. Ko babu wanda ya yi niyya, dole wasu su yi shekaru ba a taɓa su ba, wuri ne bai isa ba. Ba ƙin su aka yi ba.”

Alhaja ta tafa hannu. “Na faɗa! Layi ya zo kansu.”

“A'a, Alhaja, babu layi. Ba adashi ba ne da kowa ke jiran kwasarsa. Kunne zai iya fitowa bana, zai iya ƙara wasu shekarun bai fito ba. Daɗewarsa ba ta sa an bi shi bashi ba.”

Alhaja ta ɗaure fuska, mijina ya saki tasa. Malama ba ta bar shi ya more ba. Ta buɗe littafin nasa wajen babin cin abinci, ta ɗora yatsa a ƙasan wata tambaya.

“Karanta ƙarshen wannan. Ba haƙori ake tambaya ba? Wanda ya tsara littafin ya saka ta a ƙarƙashin abinci, saboda da abinci ta fara. Kai ka duba kan babi, ka ga wayam, ka ce bai fito ba. Sannan akwai objektif, takardar da ake zaɓen amsa ana cikewa da fensir. Ita tambayoyinta da yawa, tana tsintar abu daga ko'ina, kuma ba a tsallake ko ɗaya.”

Mijina ya sosa ƙeya. Ya ce to littafin nasa ba shi da amfani ke nan?

“Yana da amfani sosai. Yana nuna yadda suke tambaya, da irin amsar da suke so, da yadda za ta raba lokacinta. Kuma gaskiyarka, akwai manyan babi da suke yawan dawowa, a ba su lokaci mai yawa. Abin da ba zai iya gaya maka ba shi ne abin da ba zai fito ba. Ta fi ba manyan ƙarfi, amma ta bi kowane babi ko sau ɗaya ne.”

Ya yi mata godiya irin ta ƴan kasuwa, har ƙofar gida ya raka ta, ya ce kar a karɓi kuɗin awararta. Da ya dawo ya ce, “Malama ta yi gaskiya, amma gaskiyar mai lokaci ce. Mu lokaci ya ƙure. A ci gaba yadda aka tsara.” Auta ta gyaɗa kai da sauri. Ban ga laifinta ba. Yarinyar ta gaji, kuma siririn littafi ya fi daɗin kallo.

Na yi mata magana a ɗaki, ta ce, “Anti, ke fa ko ruwan sama aka ce za a yi gobe, yau za ki fara kwashe shanya.” Na yi wa mijina, ya ce in ji da dasashin ɗana.

To akwai wani hali na Auta da na daɗe da lura da shi. Ba ta iya riƙe abu mai rubutu ba ta karanta ba. Kwalin magani, ledar omo, bayan motar haya, duk sai ta karanta, wani lokacin a fili. Kuma kullum in ta dawo daga lesin, kafin ta cire hijabi, sai ta ce, “Anti, a taimaki marainiyar Allah da awara,” alhali iyayenta duka suna raye.

Na ɗauko takardun ƙarƙashin katifa, na jera su bisa lamba. Babin haƙori ne kaɗai yake cikakke. Ranar da ta dawo, na shimfiɗa shafin farko a faranti, na zuba awara a gefe guda, na kauce wa rubutun da yaji, na miƙa mata. Na koma bakin murhu ina satar kallonta. Ta ci, ta ci, sai na ga kanta ya karkace. Ta ture awara ɗaya da yatsa don ta ga abin da ke ƙarƙashi. Da ta gama gaban, ta juya bayan.

Washegari na saka shafi na gaba. Na rage yawan awarar don kada ta rufe rubutu, ta yi ƙorafi, na ce waken suya ya yi tsada.

Muna cikin haka wata rana sai ta kwashe da dariya, baki cike.

“Anti, kin san wai akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama?”

“Ƙarya ne. To da me suke cin ciyawa?”

“Wai dasashi ne mai tauri a wurin. Haƙoran ƙasa su danne ciyawa a jikinsa, su fizge.”

Ni da nake babbake kan rago kowace Sallah, wallahi ban taɓa tsayawa na duba ba. Muka kalli juna, muka kalli akuyar Alhaja da ke ɗaure a gindin bango tana tuƙa. Alhaja tana kasuwa. Na goya ɗana, na kama ƙaho, Auta ta durƙusa da takardar a hannu ɗaya, tana ɗaga leɓen akuya da ɗayan. Akuyar nan ta yi wani kuka kamar ana yanka ta.

“Babu! Anti, wallahi babu! Ga filin ma da aka ce, tsakanin na gaba da turame. Riƙe ta in ga na ciki!”

Ban riƙe ta da kyau ba. Ta fizge kai, ta cafke takardar mai ƙamshin mai da yaji, ta haɗiye ta muna kallo, da dasashin nata mai tauri da komai. A daidai nan Alhaja ta yi sallama.

“Me kuke yi wa ƴata?”

Auta ta ce, “Alhaja, duba ta muke yi, kyauta.”

“Likitocin awara! In ta yi zawo, ku za ku wanke gidan nan.”

Bayan shafin da akuya ta ci, bayanin haƙoran kare ne, Auta ba ta kai ga juyawa ba. Na shiga damuwa, amma ban isa in nuna ba, tunda a ganina har lokacin ba ta san shirina ba.

Kwana uku bayan haka ɗana ya yi ta rigima, hankalina ya rabu, na ɗauko takarda ban duba lamba ba. Na miƙa mata faranti. Ta duba, ta turo mini shi da ƙafa.

“Anti, wannan na ci shi shekaranjiya. A kawo na gaba.”

Na tsaya da matsami a hannu.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun rana ta biyu. Wace mai awara ce take naɗi bisa lamba? Kuma ki daina rage mini, na san farashin wake bai tashi ba.”

Daga ranar muka daina ɓoye wa juna, muka koma ɓoye wa yayanta. Ta ƙarasa haƙori, ta bi abin da ya rage na kunne, wanda rabinsa ya riga ya tafi. Na ce ta ari littafin wata a lesin ta karanta fata da abin da akuya ta ci. Ta ce to. Ta ce gobe. Goben nan har jarrabawa ba ta zo ba, don ƙoda da jini sun cinye lokacin, kuma yayanta yana tsare ta da tambayoyi kullum in ya dawo, yana karanta Turancin da ƙarfi kamar mai shela.

Ranar Bayoloji ban soya awara ba, don na san zan ƙona. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Alhaja ta ƙi fita kasuwa, wai ƙafarta ke ciwo, amma ta kafa kujera tana fuskantar ƙofa. Mijina ya bar wa maƙwabcinsa shago ya dawo, wai ya manta wani abu.

Auta ta shigo, ta cire takalmi, ta nemi ruwa. Ta sha a hankali, da gangan, tana kallonmu ta saman kofi.

“Ke, yi magana!” in ji yayanta. “Jini ya fito?”

“Ya fito.”

“Ganye?”

“Ya fito, a tambayar dole ma.”

Ya juya ya kalli Alhaja, ya buɗe hannuwa. “Ƙoda fa?”

“Ko ƙamshinta babu a tiyori.”

Hannuwan suka sauka. Alhaja ta miƙe, ciwon ƙafa ya warke. “Kunne! Faɗa masa!”

“Alhaja, kunne bai zo ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ko ɗan kunne.”

Ta koma ta zauna, ta ce masu jarrabawar nan ba su da tsari.

Auta ta ce a cikin tambayoyin zaɓi, bayan ta ɗauki ta jini, sai ta rasa ta biyu. Ƙodar da ta dogara da ita babu. Sauran kuwa, ɗaya ba ta ko gane inda ta dosa ba. Ɗayar ta fara da cin abincin dabbobi, sai rabinta na ƙasa ya ce a bayyana yadda haƙoran dabba mai cin ciyawa suka dace da abincinta, a kuma bambanta su da na kare.

“Na rufe ido, sai ga bakin akuyar Alhaja. Na rubuta dasashi, na rubuta fili, na rubuta turame masu faɗi na niƙa. Da na zo kan kare, sai na tuna shafin yana cikin akuya. Na tuno karen mai gadin lesin ɗinmu in yana hamma, na rubuta fiƙoƙi dogaye na yaga nama, na ƙara da abin da Allah ya sawwaƙe.”

Mijina ya ce, “A ina kika karanta haƙori? Ba na zare shi ba?”

“A awara, Yaya.”

Ya kalle ni. Na duƙa ina gyara wa ɗana wando da bai lalace ba.

Ni dai ban samu damar yin fahariya ba, don Auta ta juyo kaina. “Ke kuma Anti, fata ta fito a objektif, ba sau ɗaya ba. Na yi ta canke. Babin da kika sayar wa unguwa.” Na ce ai na ce ta ara. Ta ce ai ta ce gobe.

Jiran sakamako ya fi jarrabawar wuya. Baba ya sa an ƙara kujera a shagon Sabon Gari, Auta ta gani da idonta. Ni kuwa ina lissafin fata a raina: da ban sayar ba, da ta samu, da ban miƙa reza ba. A cikin wannan jiran ne ɗana ya cije ni ina ba shi nono, na yi ƙara, na duba, sai ga ɗan fari a ƙasa kamar ƙwayar shinkafa. Inna ta ce da ma ta san a watan zai fito.

Sakamako ya zo, a waya aka duba. Kiredit ne, na can ƙasa, wanda daga shi sai faɗuwa, amma kiredit. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta tashi ta rungume akuya. Baba da aka gaya masa ya ce, “To, madalla,” ya aika a ɗauke kujerar.

Har yau ba a gama shari'ar wanda ya ci ba. Mijina yana cewa jini da ganye su suka ɗauke ta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Alhaja tana cewa ita ta ce tsohon yayi zai dawo, in aka ce mata kunne ta ce, sai ta ce kunne da haƙori ai duk a kai suke. Malama da na ba ta labari ta ce kada in ɗauka fitowar haƙori ita ta sa muka yi daidai, ko bai fito ba karanta shi ne daidai. Na ce to, amma a raina na ji daɗi da ya fito.

Auta tana makarantarta yanzu. In ta zo hutu takan buɗe bakin ɗana ta ƙirga, tana kiran sunayen da Turanci, shi kuma yana ƙoƙarin cizon ta.

Bana ƴar Alhaja ta cikinta ce za ta zauna jarrabawar. Kwanan baya na ji mijina a tsakar gida yana mata bayani, sabon littafin tsofaffin tambayoyi a cinyarsa.

“Haƙori dai ki manta da shi. Bai daɗe da fitowa ba, ba za su maimaita ba.”

Uwarta daga ɗaki ta ɗaga murya, “Kunne! Bana kam babu makawa!”

Ya ce in miƙo masa reza. Na ce ta ɓace, kuma almakashin ma an ara. Suna cikin tukunyar da ba na girki da ita, a ƙarƙashin gado, kuma a nan za su zauna sai an gama jarrabawa.